Na-Gwaggo, Takalmi Za Ka Sayar Ko Tarihin Adar?

Na-Gwaggo, bawana na kaina, Sarkin Surutun Tawa da kewaye, ina gajiya? Ko da yake wace gajiya za a tambayi mutumin da aikinsa zama kan benci a rumfar Baba baduku, yana shan shayin da bai sa ko dala a ciki ba. To, saƙonka ya iso. Mai shago a Wadata, can Yamai, ya ce a haɗo kowace balka da ɗan kati mai bayani, wanda bai wuce faɗin tafin hannu ba. Kai kuwa ka zauna ka cika shafi uku gaba da baya, har da rubutu a gefe inda wuri ya ƙare maka, ka aiko mini wai in duba ko akwai abin da ka manta. Babu, ɗan mace. Ba ka manta komai ba sai takalmin.

Kada ka ɓata rai, hannunka yana da kyau. Rubutun nake nufi, ba abin da aka rubuta ba.

Ka buɗe da Agabba. Mutum ya shigo shago neman abin da zai sa a ƙafa ranar Juma'a, kai ka tare shi da labarin yadda ɗan Sarkin Agadas ya sauko ya kafa sarauta a Adar. Haba! Farfesa Jibo Hamani ya riga ka, tun 1975 ya fitar da littafi sukutum a kan tarihin Adar, har jami'ar garinmu sunansa take ɗauke da shi. Bar masa kayansa. Daga Agabba ka yi tsalle ka faɗa cikin ayarin raƙuma, ka kawo zancen fatun akuyar ƙasar Hausa da ake tsallakawa da su hamada har Turawa suka riƙa kiran su fatar Maroko. Wannan gaskiya ne, ban musa ba, kuma labari ne mai daɗi in ana hira bayan isha'i. Sai dai balkar Baba ba ta taɓa ganin Maroko ba, iyakarta Tawa zuwa Yamai a bayan mota. A shafi na biyu ka sa Baba kuka: talauci, tsadar hatsi, yawan iyali. A shafi na uku ka tuna da kanka, ka ba mu labarin yadda kai ne ka gano shi. Mutumin da yake ɗinki a rumfar nan tun kana yawo ba wando, wai kai ka gano shi. Yabon kai jahilci, in ji mutane, amma kai naka ya wuce jahilci, ya zama sana'a.

Zo kusa in gaya maka abin da ke faruwa a shago, tunda kai ba ka taɓa sayen takalmi da kuɗinka ba. Mai saye yana tsaye, balka a hannu ɗaya, kati a ɗaya hannun. Abin da ke ransa kaɗan ne: wannan da me aka yi ta, za ta shige ni, za ta daɗe, nawa ce. In katin ya amsa waɗannan, sai zuciyarsa ta buɗe ya so sanin wanda ya ɗinka. In bai amsa ba, ko labarin Baba ya kai zuma daɗi, ajiyewa zai yi ya ɗauki ta kusa. Saboda haka labarin mai ɗinki ba shi ne zai zo farko ba, kuma ba shi ne zai cinye wuri ba. Jimla biyu sun ishe shi, uku in ka matsa. Katin duka kada ya haura kalma 100, gara ma ya gaza.

Na ji ka daga nan kana cewa rayuwar dattijo guda ba ta shiga jimla biyu. Ba ta shiga, gaskiyarka, yau ɗaya dai ka faɗi daidai. Amma ba rayuwarsa aka ce ka rubuta ba. Abin da ake so shi ne ɓangaren rayuwarsa da ya bar alama a jikin takalmin. Ga gwajin da za ka yi, kuma ko kai za ka iya: ajiye balkar a gabanka, karanta jimla ɗaya, sannan ka ɗora yatsa a kan wurin da jimlar take magana a kai. In yatsa ya sami wurin sauka, jimlar ta zauna. In ya yi ta yawo a iska, soke ta. Gwada da Agabba mu gani. Gwada da tsadar hatsi. Yatsan naka da ya saba nemo tsoka a ƙasan kwanon mutane, nan bai sami komai ba.

To ina ake samo jimlar da yatsa zai sauka a kanta? Wajen mai ɗinkin, amma da tambayar da ta dace. Kai ka je ka ce, “Baba, ba ni tarihinka,” shi kuma dattijo da ya sami mai saurare ya fara daga haihuwar kakansa, kai kana rubutawa kana gyaɗa kai. Na san haka aka yi, domin ku biyun an haɗu. Ni da na leƙa rumfar, bayan gaisuwa sai na ɗauki balka ɗaya na ce, “Baba, me kuke yi wa taku wanda maƙwabcinku ba ya yi wa tasa?” Bai ce uffan ba. Ya karɓa ya juya ta, ya sa farce a gindin hanci, wato igiyar nan da ke shiga tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Tafin balkarsa ƙirgi ne falle biyu. Yana huda na sama ya zura wutsiyar hancin, ya tsaga ta biyu ya shimfiɗa hagu da dama a tsakanin fallayen, sannan ya bi da ɗinki sahu biyu da ya ratsa har ƙasa. A ƙasan kuma sai da ya ja ɗan siririn rami da bakin wuƙa, zaren ya kwanta a ciki, don kada ƙasa ta ci shi. Mai gaggawa zura hancin kawai yake yi ya shafa kol ya danne da guduma, rana ta Tawa ta narkar da kol ɗin, wata uku hanci ya fito.

Sai na yi tambaya ta biyu: me ya sa? Nan labarin ya fito da kansa. Ya ce kafin ya fara ɗinka sabo, gyara ya daɗe yana yi wa mahaifinsa. Ranar Lahadi, in kasuwar Tawa ta cika, mutanen ƙauyukan kan dutse daga wajen Kaita da Barmu sukan zube masa tsofaffin takalma su tafi cefane. Ka san ƙasarmu, ba banza ake cewa Adar Dutsi ba. Mai tafiya a kan tsakuwa da gangare yana dafe takalmi da yatsu, nauyin duka a hanci yake sauka. Ya ce kusan duk wanda aka kawo masa a nan ya tsinke. Da ya fara nasa sai ya ƙudura cewa ko ina zai mutu, ba dai a hanci ba.

Ka gani? Akwai mahaifi a ciki, akwai gari, akwai shekarun koyo, akwai dalili, kuma mai saye zai juya takalmin ya ga ɗinkin da idonsa. Gani ya kori ji. Wannan duka yana shiga jimla biyu, ya bar maka canji. Kai shafi uku ka cika ba ka ambaci hanci ko sau ɗaya ba, alhali naka ya fi na kowa tsawo a gidan Gwaggo. Yi haƙuri, gado ne, ba laifinka ba.

Batun kukan da ka sa Baba kuwa, cire shi tun bai ji ba. Dattijo mai sana'a a hannu ka mai da shi almajiri a gaban baƙi. Wanda ya saya don tausayi sau ɗaya yake saye, kuma yana saye yana neman ragi, tunda ka riga ka gaya masa mai kayan a matse yake. Duk abin da za ka rubuta a kan mutum, ka koma ka karanta masa da bakinka kafin a buga. In ya sunkuyar da kai, soke. Sunansa ma da unguwarsa sai ya yarda za su hau kati, lambar wayarsa kuwa kada ka kuskura, in ba so kake a riƙa tashin sa da tsakar dare ana tambayar lamba 45 ba.

Yanzu mu zo inda ka yi ƙarya. Kwantar da hankalinka, na san ba da gangan ba ne, bakinka ne ya fi idonka sauri.

Ka rubuta “fata zalla, daga sama har ƙasa.” Juya balkar. Mene ne wannan baƙin abu a dunduniya? Roba ce, Na-Gwaggo, Baba yana liƙa ta ya buga mata ƙusa don kada mutum ya zame a kan siminti, kuma don ƙirgi kada ya cinye ta gefe ɗaya. Ba aibi ba ne, dabara ce. Amma in kati ya ce fata zalla mai saye ya ga roba, daga nan ya daina yarda da sauran layukan, har da na gaskiyar. Faɗi abin da ke nan: sama fatar akuya, tafi ƙirgin sa, dunduniya roba. Ka kuma ce fatar jar akuyar Maraɗi ce. Wa ya gaya maka? Jar akuyar Maraɗi ta yi suna wajen kyan fata, shi ya sa kowa ke jingina da ita, amma Baba a wajen majema yake sayen jemammiyar fata, bai ga akuyar da ranta ba. Kai ma ba ka gan ta ba, in ba haka ba da ka nemi kai da ƙafa. Rubuta “fatar akuya” ka tsaya nan.

Abin da za ka iya tabbatarwa shi ne jimar, kuma shi ne ka tsallake. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ka duba bakin yanka, za ka ga cikinta ruwan ƙasa-ƙasa ne, tana da ɗan tauri da ƙamshinta na daban, kuma tana ƙara duhu in ta sha rana da hannu. Ta masana'anta da aka jeme da sinadari, sau da yawa cikin yankanta toka-toka ne mai ɗaukar shuɗi. Ɗauki guntun da ya faɗi ƙarƙashin bencin da kake ɗumamawa ka duba. In ruwan ƙasa ne, rubuta “jimar bagaruwa” da ƙarfin zuciya. Kalma biyu ke nan, sun fi “inganci mara misaltuwa” da ka maimaita har na daina ƙirgawa.

Sai rini. Ka ce jan na karan dafi ne irin na kakanni. Na tambayi Baba, ya yi dariya har basilla ta faɗi daga hannunsa. Ya san aikin karan dafi da kanwa, da shi ya tashi, amma jan da ke jikin waɗannan garin rini ne na kasuwa. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a maɗaurin. In ya ɗauko ja, to ka san zai ɗauko a ƙafar mai gumi, da bakin farin wandon wanda ya sa ta zuwa ɗaurin aure. Layi ɗaya na gargaɗi ya raba ka da wannan faɗan. Mai saye da aka gaya wa tun farko ba ya dawowa da zagi. Wanda aka ɓoye wa shi ke dawowa, kuma da abokansa.

Batun girma shi ne ka yi wa layi mafi gajarta a duk takardar, wai “akwai kowace lamba.” A nan ne kawai Allah ya ba ka taƙaitawa, a inda ba a so. Lambar takalmi irin ta Faransa da muke amfani da ita, tsakanin kowace lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku ne na santimita, ka ga 42 ta kama santimita 28 ke nan. Amma baduku da kwalin awonsa yake yanka, kuma kwalin wannan rumfa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Don haka sa ma'auni a kan tafin kowace balka, daga dunduniya zuwa baki, ka rubuta lambar da santimitar tare. Wanda zai saya wa wani, ko wanda zai aiko daga nesa, sai ya taka takarda a zana ƙafarsa, ya auna, ya ƙara wajen santimita ɗaya. Ka kuma gaya masa maɗaurin fata yana saki bayan an ɗan sa shi, don kada ya ji ta kama shi ranar farko ya ɗauki wadda ta fi girma, bayan mako biyu ya riƙa jan ta a ƙasa irin tafiyarka in an ce a zo a ɗauki buhu.

Ga katin yadda ya kamata ya fita. Inda na sa Malam Wane, sunan Baba zai shiga in ya amince:

“Balkar Tawa, ɗinkin hannu. Sama fatar akuya, jimar bagaruwa. Tafi ƙirgin sa falle biyu, dunduniya roba. Malam Wane ya ɗinka ta. Ya fara sana'a da gyaran takalman mutanen ƙauyukan dutse na Adar, ya ga duk a hanci suke tsinkewa, shi ya sa yake yi wa hancin tasa ɗinki sahu biyu har ƙasa. Juya ka gani. Lamba 42, tsawon tafi santimita 28. Maɗauri yakan ɗan saki. Jan rinin yana iya zuba kaɗan da farko. Kada a jiƙa ta. In ruwa ya taɓa ta a shanya a inuwa. Jikka 7.”

Ƙirga da kanka, in ka iya wuce yatsun hannu da na ƙafa: bai kai kalma 100 ba. Lura da inda labarin ya zauna, a tsakiya, bayan mutum ya san abin da ke hannunsa, kafin a gaya masa kuɗi. In ya iso kan jikka 7 ya riga ya juya takalmin ya ga ɗinkin, saboda haka kuɗin ba ya ba shi tsoro. Lura kuma babu “mai kyau,” babu “na musamman,” babu “ba irinsa a duk Afirka.” Kyau yana hannunsa yana kallo, ba sai an gaya masa ba. Surutu a kati kamar ruwa ne a fura: kana ƙarawa kwarya tana cika, mai sha yana tashi da yunwa. Na kawo maka misalin fura ne don na san ita kaɗai kake ganewa ba sai an maimaita ba.

“Ɗinkin hannu” ma sai da na tambaya kafin in bar shi. A rumfar Baba yaro ne ke yanka tafi, Baba ke ɗinki, ba keke. In wata rana aka bi maɗauri da keken ɗinki, sai kati ya ce tafi ɗinkin hannu, maɗauri na keke. In kuma akwai adon da wata mata ta yi a gida, irin zanen siraran fatu masu launi da matan maƙeran Buzaye suka gwanance a kai, a faɗi cewa hannu biyu suka yi aikin. Wannan ma labari ne, kuma yatsa yana da wurin sauka.

Ka ce za ka aika wa yaranmu 'yan biɗa da ke Abijan su ma su gwada kasuwa. Madalla, wannan tunani ne, ban san wa ya ara maka ba. Katin can daidai yake da na Yamai, sai layi ɗaya da za a canza. Tawa bushewa ce ke damun fata, sai a ɗan shafa mata man kaɗe kaɗan kada ta tsage, a sani kuma man yana ƙara mata duhu. Bakin teku laima ce ke damun ta: balkar da aka ƙulle a leda aka tura ƙarƙashin gado, cikin damina za a ciro ta da fumfuna da wari. Saboda haka na Abijan ya ce a ajiye ta inda iska ke shiga, ban da leda. Labarin hanci kuwa kada ka taɓa shi. Ba'adare da ke can in ya karanta “ƙauyukan dutse” ya san hanyar da ake nufi, wanda ba Ba'adare ba kuma ya gane dalilin ɗinkin, ba sai ka zana musu taswira ba.

Shafuka ukun nan kada ka yar. Ajiye su, in Allah ya kawo mai saye mai son hira, wanda ya riga ya biya, ya zauna ya ce a ba shi labari, sai ka saki baki da Agabba da raƙuma har ya nemi hanyar gudu. A nan babu mai kama ƙafarka, ni ma na sallama maka. Amma bayan an biya, Na-Gwaggo, ba kafin ba.

Ka sake rubuta katin kowace lamba da awonta, ka karanta wa Baba, ka kawo mini in gani kafin motar Yamai ta tashi. Ladan aikina balka ɗaya ce, lamba 43, baƙa, kuma daga aljihunka za ta fito, ba daga na dattijo ba. Zancen kuɗin shara mu bar shi sai watan cika-ciki, ban manta ba. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ɗan ɗan'uwanta ya sake fitar da ɗanta kunya, kyauta.